Jan Biron Malam da Jimlar da Na Hana a Taɓa

Malamin da ke duba kundi ba shi da lokacin lallashi. Ɗalibai da yawa ne a hannunsa, shi ya sa gyaransa yake zuwa a guntule: "Ina hujja?", "Cire", "Wannan ba nazari ba ne." Haɗarin da na fi gani ba ɓacin rai ba ne. Ɗalibi ne zai bi kowane jan biro sau da ƙafa, ya mayar da aiki tsaf, amma abin da ya fito faɗa tun farko ya zube a hanya.

Kundina na digirin farko a kan *Wa Zai Auri Jahila?* na Balaraba Ramat Yakubu ne, wanda ya fito a 1990. Labarin Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo Sarkin Noma, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Matsayata ita ce: littafin yana yaƙi da auren dole da hana mace ilimi, kuma da hujjojin addini yake yaƙin, ba da aron tunanin waje ba. Kafin in taɓa gyara ko ɗaya, wannan jimlar na rubuta a ƴar takarda na manna a bango. In matsayarka ta ƙi shiga jimla guda, to ba malam ne zai ɓatar maka da ita ba, dama ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Gyaran ƙa'idojin rubutu ban tsaya musu a kansa ba. Inda aka haɗe kalma na raba, inda ƙ ta rasa lanƙwasarta na mayar. Yini ɗaya ya ishe shi.

Wanda ya ci mini lokaci shi ne abin da Malam ya rubuta a babi na uku: "Kin zauna kina ba mu labari." Shafi shida na yi ina bin rayuwar Abu daki-daki. A ido kamar cewa yake a zubar da babin, alhali a nan hujjojina suke kwance. Da na sake karantawa sai na fahimci kukansa: abubuwan suna nan, amma ban ce ga abin da kowanne yake tabbatarwa ba. Sai na taƙaita labarin ya koma shafi ɗaya da rabi, na ɗauko wurare uku kawai, wato cire ta daga makaranta, auren, da komawarta karatu. Kowanne na buɗe shi da abin da nake iƙirari, na kawo wurin da lambar shafinsa, sannan na nuna yadda yake komawa ga jimlar bango. Babin ya rage tsawo, ya ƙara nauyi.

Sai kuma mai zafin. A gefen gabatarwa ya rubuta: "Adabin kasuwar Kano ne, soyayya ce kawai. Ki yi jigon soyayya." Wannan ba gyara ba ne, wani kundin ne daban. A nan ake rabuwa da matsaya, domin mai sa hannu ne ya yi magana, kuma makin kammalawa yana hannunsa. Ban yi gardama a takarda ba. Na same shi a ofis da jimlata da wuraren nan uku, na ce, "Malam, in na koma soyayya, ina zan kai waɗannan? Ko a ba ni dama in amsa wannan ra'ayi a cikin aikin?" Ya ce in zan iya kare shi, bismillah. Sai sukar tasa ta zama sashe guda: na kawo ra'ayin masu ganin littattafan nan soyayya ce zalla, na yarda cewa akwai soyayya a labarin, sannan na nuna ba ita ke juya shi ba. (Malamai da yawa, in sun ga an ɗauki sukarsu da muhimmanci, sun fi sakin fuska fiye da in an yi musu biyayyar makaho.)

Wuri ɗaya na sassauta da gangan. Na rubuta cewa "marubuta mata na Kano" haka suke yi, ya ja layi ya ce littafi nawa na karanta. Gaskiyarsa. Na mayar da maganar kan wannan littafi kaɗai. Rage faɗin iƙirari daban ne da sauya shi.

Kafin in miƙa zubi na biyu, na karanta sakin layin ƙarshe na gabatarwa da na farkon kammalawa a jere, na ga ko suna amsa wa juna. Sannan na bi na ƙirga "wataƙila" da "wasu na ganin", domin su ne alamar mutum ya fara janye jiki daga maganarsa saboda tsoron jan biro. Na samu tara da babu su a zubin farko. Biyu na bari, a inda da gaske hujjata ba ta kai ba, sauran bakwai na goge.