Minti ɗaya, fensir da ƴar takarda

A Abuja, duk mai neman aikin jinya a Birtaniya ko karatu a Kanada ya san sunan IELTS, jarrabawar Turanci da aka fara a 1989, wadda ofishin British Council da ke Maitama yake cikin masu shirya ta. Ɓangaren magana bai wuce minti 11 zuwa 14 ba, gaba da gaba da mai jarrabawa. A tsakiyarsa ne ake miƙa wa mutum kati mai ɗauke da batu, da fensir da takarda, a ba shi minti ɗaya ya shirya, sannan ya yi magana har minti biyu ba tare da an sa masa baki ba.

Wani dattijo, tsohon malamin Turanci da ke zaune a Kubwa, ya daɗe yana horar da matasa a kan wannan minti ɗayan. Ɗalibansa Baba suke ce masa. Abin da shekaru suka koya masa shi ne, yawancin masu tuntuɓe a nan suna da Turancin. Rabon lokacin ne yake kayar da su.

Yakan kawo misalin wata ma'aikaciyar jinya da ya horar. Hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya tana neman maki 7 cikin 9 a magana, ita kuwa a gwaji sai ta yi shiru kafin ta cika minti ɗaya. Baba ya ba ta kati irin na jarrabawar: ta bayyana wata tafiya da ba ta manta ba, ina ta je, yaushe, da wa, kuma me ya sa ta zauna mata a rai. Ta duƙufa tana rubuta cikakkiyar jimla, lokaci ya ƙare tana kan ta biyu. Ta karanta abin da ta rubuta, daga nan magana ta ƙafe.

Sai ya sauya mata tsari. Daƙiƙa goman farko na zaɓe ne, kuma abin da ya fara faɗo mata shi za ta riƙe, muddin ya faru da gaske, domin labarin gaskiya ba ya buƙatar ƙirƙira a tsakiyar magana. Ta zaɓi ranar da ta fara shiga jirgin ƙasa daga tashar Kubwa zuwa Rigasa a Kaduna. Sauran lokacin kalmomi kawai za ta jera, ɗaya zuwa uku ga kowace tambaya: Rigasa, damina, Inna, taga, tsoro, biki. Kowace kalma ƙofa ce. Inna ta buɗe labarin yadda mahaifiyarta ta ƙanƙame mata hannu da jirgin ya motsa, taga ta kawo korayen gonaki da garken shanu. Tambayar ƙarshe, ta dalili, ita Baba ya ce ta ba kusan rabin lokacin magana, saboda a nan ne ake kwatanta da da yanzu, a faɗi ra'ayi, jimloli su yi tsawo da kansu. Da ta sake gwadawa, sai da ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

Wannan tsayarwar ba laifi ba ce. Mai jarrabawa yakan katse mutum idan minti biyu ya cika, kuma ba a rage maki saboda haka.

Akwai abin da ya fi damun Baba game da yaranmu. An tarbiyyantar da su su taƙaita magana a gaban babba, su sunkuyar da kai, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a wannan ɗaki amsa mai kalma uku ba ta bai wa mai jarrabawa abin aunawa, alhali abu huɗu yake saurare: gudanar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Shi ya sa yake ce musu, ƴaƴana, ku ɗauka ƙawa ko aboki kuke ba labari.

Haddar amsa kuwa ya hana ta sam. Muryar mai hadda takan miƙe ba hawa ba sauka, kuma da an yi masa tambaya ta gaba sai Turancinsa ya sauya, mai jarrabawa ya gane.

Aikin gida da yake bayarwa ba shi da tsada. Kati ɗaya a rana, agogon waya a minti ɗaya, sannan a naɗi murya na minti biyu a saurara. A sauraren farko a nemi wurin da aka yi dogon shiru, domin nan ne takardar ta rasa kalma. A na biyu a duba ko labarin da ya faru bara ya zame ya koma nahawun yanzu, sannan a kasa kunne ga p da f, waɗanda bakin Bahaushe yake yawan haɗawa. Washegari a maimaita katin nan kafin a ɗauki sabo.