Kafin ka zana sakamako, dubi maƙwabcin karbon

A darasin shimi nakan ba ɗalibaina wannan alkol: (CH3)3C–CH(OH)–CH3. In ce an dafa shi da H3PO4, ruwa ya fita ta hanyar E1, wane alken za a samu? Yawancinsu sukan cire OH, su cire H daga CH3 na gefe, su rubuta (CH3)3C–CH=CH2. Zanen yana da kyau, amma wannan alken ɗin kusan kashi 3 cikin 100 kawai yake fitowa a tukunya.

Abin da suke tsallakewa shi ne ɗan lokacin da ke tsakani. Asid yana ba OH proton, ruwa ya fice shi kaɗai, a bar karbon mai cajin +, wato karbokatiyon: (CH3)3C–CH⁺–CH3. Karbon biyu kaɗai ke dafa wa wannan cajin. A jikinsa kuwa akwai maƙwabci mai riƙe da metil uku. Sai metil ɗaya ya zame, tare da elektoron biyu na haɗinsa, ya koma kan karbon mai caji. Cajin ya dawo inda metil ya baro: (CH3)2C⁺–CH(CH3)2. Yanzu karbon uku ke kewaye da shi, ya fi samun natsuwa, kuma zamewar tana da sauri ƙwarai, ta riga cire proton. Wannan ne ake kira sauyin Wagner da Meerwein.

Daga sabon karbokatiyon ake cire H. In an cire na CH, a samu (CH3)2C=C(CH3)2, mai metil huɗu a kan haɗin biyu, shi ne babban sakamako, kusan biyu bisa uku. In an cire daga metil, a samu CH2=C(CH3)–CH(CH3)2, kusan ɗaya bisa uku. Duba ƙashin bayansu: babu sauran karbon mai riƙe da karbon huɗu. Shaidar ke nan cewa metil ya yi ƙaura.

Shi ya sa nake hana su taɓa sakamako sai sun zana karbokatiyon, sun tambayi kowane maƙwabci: in H ko metil ɗinka ya zame, cajin zai samu wuri mafi kyau? Da a ce maƙwabcin nan metil biyu da H ɗaya gare shi, H ne zai zame, don shi zai bar cajin tsakanin karbon uku.

Akwai kuma masu zaƙewa, da sun koyi abin sai su riƙa kai metil yawo ko'ina. A CH3–CH⁺–CH2–CH3 babu ribar da ƙaura za ta kawo, ƙashin baya yana nan yadda yake. A E2 da SN2 kuwa karbokatiyon ba ya ma samuwa. Mai son (CH3)3C–CH=CH2 da gaske sai ya bar asid, ya ɗauki (CH3)3C–CHBr–CH3 ya haɗa shi da baz mai ƙarfi, H da Br su fita lokaci guda, metil bai samu gurbin da zai faɗa ba.