Wasiƙa Cikin Kwandon Tumatir

'Yan'uwana mata, shekara guda cur da aurenmu, maigidana bai taɓa cewa yana sona ba. Manomin rani ne a Kadawa, ta wajen Kura. Da na dube shi sai ya sunkuyar da kai, ya kama zancen taki. Har ƙawayena na Bunkure suka fara zuga ni in yi yaji.

Ranar cikar shekarar ya aiko ƙaninsa da kwandon tumatir, da 'yar takarda a ciki:

"Amarya, ruwan Tiga ba ya hayaniya, amma in aka datse shi gonata bushewa take. Haka kike a wurina. Bakina ne da nauyi, ki yi haƙuri."

Wallahi sai ga hawaye shar! Yajin da ban yi ba ke nan.