Wayar da ta yi shiru

Hutun bara ƙanena ya faɗi da moto tsakanin Karofane da Bouza, ya suma. Wani manomi ya tsince shi, waya a aljihu, amma a kulle. Sai magariba labari ya iso gida. Yaron ga shi da sikila, kuma ba wanda ya gaya wa likita.

Daren nan na buɗe Paramètres, na shiga Sécurité et urgences. A Informations médicales na rubuta rukunin jinina da maganin da jikina bai ɗauka. A Contacts d'urgence na sa Baba da yayata. Yanzu ko baƙo, in ya taɓa Appel d'urgence bisa allon kulle, yana iya kiransu ba tare da lambar sirri ba.

Sai dai manomin nan bai karanta Faransanci. Shi ya sa na ƙara rubutu da Hausa bisa allon: “In na faɗi, kira Baba”, da lamba mai +227.

Ɓarawo ma yana gani, don haka ban da sirri. Ka kulle taka, ka miƙa wa aboki ya gwada. In ya kasa, to da saura.