Bashin Taki, Lissafin Kaka

Ranar da taki ya shigo gida nake rubuta bashinsa, ba ranar da na biya ba. Na daɗe ina noman masara kafin wannan ya zauna mini, kuma har yanzu shi ne abin da nake shan gardama a kansa da 'yan'uwana manoma. Su a ganinsu, tunda kuɗi bai fita daga aljihu ba, babu abin rubutawa. Ni kuwa na ga yadda wata shida ke goge ƙwaƙwalwar mutum. A watan Yuni kowa ya san buhu nawa ya karɓa, amma zuwa Disamba sai ka ji mai shago yana cewa takwas, manomi yana rantsuwa bakwai ne, kuma duk cikinsu babu mai niyyar cuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, amma mu muna jin nauyin ɗauko biro a gaban wanda ya yi mana alheri.

Ga yadda wata damina ta kasance mini a gona mai hekta biyu. Na karɓi irin masara kilo 40 a kan naira 80,000, da kamfa buhu 8 a kan 45,000 kowanne, da yuriya buhu 4 a kan 40,000 kowanne. Jimla naira 600,000, da alkawarin biya da kaka. Kafin a ɗora kayan a mota na ce wa mai shagon, "Alhaji, a taimaka a sa mini hannu a nan." Ya ce, "Haba Malam, ni da kai har sai an yi takarda?" Na ce masa ai rai nake ji, idan ta Allah ta kasance ga ɗayanmu, kada 'ya'ya su rasa abin dubawa. Ya karɓi biron.

Littafina na 'yan makaranta ne, kuma wannan ciniki ɗaya wuri biyu nake shigar da shi. A shafin gona na rubuta cewa masarar bana ta ci iri da taki na 600,000. A shafin Alhaji na rubuta cewa yana bi na 600,000, da kwanan wata, da ranar biya. Shafin farko yana faɗa mini abin da noman ya ci, na biyun kuma wanda ke da haƙƙi a kaina. Idan aka haɗe su wuri guda, da kaka sai mutum ya rubuta kuɗin taki sau biyu, ranar karɓa da ranar biya, ya ga kamar ya faɗi alhali bai faɗi ba. Biyan bashi ba sabon kashe kuɗi ba ne. Shafin Alhaji kawai yake rufewa.

Akwai wani abu da nake ƙarawa a gefe, wato farashin kuɗi hannu. A ranar, kamfa 40,000 ne ga mai biya nan take, yuriya 35,000. Ke nan a kan kowane buhu akwai ƙarin 5,000, a buhu 12 kuwa naira 60,000. Ban ga laifin Alhaji ba, shi ma jarinsa zai kwanta wata shida, kuma mun yanke farashi ɗaya tun kafin kaya su fita. Amma ina so in san abin da jinkirin ya ci mini, domin idan baɗi ina da ragon da zan sayar in biya rabi hannu da hannu, wannan lissafin ne zai nuna mini ko hakan ya fi.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne lissafin bashin da buhun masara. Lokacin shuka hatsi ya yi ƙaranci a kasuwa, buhu yana wajen 50,000, sai zuciya ta yi saurin raba 600,000 ta ce ai buhu 12 ne kacal. Wannan lissafin bazara ne, alhali da kuɗin kaka za a biya. Da kaka kowa ya fito da hatsinsa lokaci guda, kowa da mai binsa bashi a ƙofar gida, farashi ya faɗo. Saboda haka nake rubuta buhunan da bashin zai ci idan masara ta sauko sosai, in ware su a raina tun suna tsaye a gona, in ɗauka ba nawa ba ne.

Huɗa, maganin ciyawa, 'yan ƙwadago, girbi, casa da buhunan zubawa sun ci naira 350,000 daga aljihuna, duk sun shiga shafin gona. Da aka gama na sami buhu 50. Tun a masussuka na fitar da buhu 5 na zakka, ɗaya cikin goma tunda ruwan sama ne ya shayar. A mazhabar Malikiyya da muke bi, bashi ba ya ɗauke zakkar amfanin gona, don haka daga buhu 50 ɗin ake cirewa, ba daga abin da ya saura bayan an sallami mai taki ba. Buhu 10 suka shiga rumbu domin abincin gida, su ma na rubuta su da farashin ranar, don gonar ce ta ba da su ko da kasuwa ba ta gan su ba.

Na kai buhu 20 kasuwa, aka saya a kan 32,000, ciniki ya kama 640,000. Kuɗin mota, dako da la'adar dillali suka ci 1,000 a kowane buhu, na dawo da 620,000. A littafi ban rubuta 620,000 kawai ba. Na rubuta cinikin cikakke, 640,000, sannan na rubuta 20,000 daban a matsayin abin da kai kaya kasuwa ya ci, domin in iya gwada wannan kasuwar da sayarwa a bakin gona. Bashin da zuciya ta ce buhu 12 ne, sai ga shi ya kusa cinye buhu 20.

Zan faɗi gaskiya, daren da kuɗin nan suka kwana a ɗakina ya yi mini tsawo. Ga rufin ɗaki yana yoyo, ga kuɗin makarantar yara, ga bikin ƙanwa ya matso, kuma kowace buƙata tana da hujjarta. Da safe na tafi shagon na ƙirga wa Alhaji 600,000, ya sa hannu a ƙarƙashin na farko, na ja layi. Naira 20,000 ce ta rage a hannuna daga buhu 20.

Wanda ya dubi aljihuna a ranar zai ce na yi noman banza. Littafin ya nuna wani abu daban. Duk abin da gonar ta ci 950,000 ne, idan aka raba da buhu 50, kowane buhu ya tashi a kan 19,000, ni kuwa ina samun 31,000 bayan an cire kuɗin kasuwa. Buhu 45 da suka rage bayan zakka, a wannan farashin, sun kai 1,395,000, ribar ke nan 445,000. Sai dai kusan dukkanta hatsi ce a jibge, kuma ban sa kuɗin wahalata da ta yarana a ciki ba.

Daga cikin buhu 15 da suka saura, wata mai sayar da koko a unguwarmu ta karɓi 5 bashi a kan 35,000. Na buɗe mata shafi irin na Alhaji, sai dai wannan karon ni ke bi, 175,000, kuma ba na lissafa su cikin kuɗin da zan kashe sai sun shigo. Sauran 10 na zuba a buhunan nan masu leda biyu a ciki saboda ƙwari, zan riƙe su zuwa bazara in sayar in biya wani ɓangare na takin baɗi kuɗi hannu.