Wasiƙa Zuwa Ruwan Gizo: Yadda Za Ki Fahimci "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya"

Ƙanwata,

Saƙonki ya iso ni a nan Landan, kuma tambayarki ta dace: yaya Malam Sa'adu Zungur, wanda aka sani da sukar mulkin danniya, zai rubuta waƙar da ke kama da kāre sarauta? Nan ne ɗalibai da yawa suke yin tuntuɓe, su rubuta cewa jigon waƙar yabon sarakuna ne, makin ya kuɓuce musu.

Fara da kalmomi biyu na take, dukansu aro ne daga Larabci. Jumhuriya ita ce ƙasar da babu gadon sarauta a tsarin mulkinta, shugabanni zaɓensu ake yi. Mulukiya kuwa ƙasa ce mai sarki. Sai dai mulukiya iri biyu ce. Akwai wadda sarki ne wuƙa da nama, akwai kuma irin ta nan Ingila, inda sarki yake zaune da martabarsa, amma majalisar da jama'a suka zaɓa ce take yin doka, take kuma yanke haraji. Ki karanta waƙar da wannan iri na biyu a zuciyarki, za ki ga kullin ya fara warwarewa.

Sai kuma lokacin da aka yi ta, wato wajen 1950. A wancan zamani babu Jihar Zamfara, wadda sai a 1996 aka ƙirƙiro ta. Talata Mafara da Bakura da Maradun gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari da karɓar haraji da jangali duk suna hannun En'e, kuma manomi a Ruwan Gizo ba shi da ƙuri'ar da zai sauya hakiminsa. A shekarar ce aka yi taron Ibadan kan sabon tsarin mulkin Nijeriya, alhali Kudu ta yi wa Arewa nisa a ilmin boko da jaridu da jam'iyyu. A ranar 26 ga Janairun 1950 kuma Indiya ta zama jumhuriya, bayan ɗaruruwan sarakunanta sun rasa ikon ƙasashensu cikin 'yan shekaru kaɗan.

Mawaƙin, mutumin Bauchi, ya san ɓangarorin biyu. Ya yi karatu a Kwalejin Yaba da ke Legas, ya kuma riƙe sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe kafin su raba gari. Don haka tsoronsa biyu ne a haɗe. Yana tsoron sarakuna su ƙi gyara, su ci gaba da barin jahilci da zalunci. Yana kuma tsoron idan sarauta ta rushe alhali Arewa ba ta da isassun masu ilmi, wasu ne za su karɓi ragamarta. Saƙonsa ga sarakuna shi ne su gyara da hannunsu tun kafin a gyara musu. Wannan gargaɗi ne irin na mai faɗa wa maigida cewa katangarsa ta tsage tun damina ba ta sauka ba.

Ga yadda za ki gwada wannan da kanki. Ɗauki fensir, a gefen kowane baiti ki rubuta wanda ake yi wa magana: sarakuna, ko jama'ar Arewa, ko 'yan siyasar Kudu. Sannan ki ja layi ƙarƙashin duk wurin da ya gindaya sharaɗi da "in", ko ya yi hani da "kada". Maroƙi ba ya gindaya wa ubangidansa sharaɗi, kirari yake jera masa. Inda kika ga sharaɗi da hani da ambaton mugun sakamako, to kina gaban mai gargaɗi ne.

A jarrabawa, idan an tambayi jigo, ki ce gargaɗi ne da faɗakarwa kan makomar siyasar Arewa, sannan ki warware shi da baitoci biyu ko uku daga littafinki. Idan zubi da tsari aka tambaya, ki ce 'yar tagwai ce, wato kowane baiti ɗango biyu ne, amsa-amonta kuma "ya". Kada ki haɗa amsoshin nan wuri guda, domin kowace tambaya makinta daban.

Malam Sa'adu ya rasu a 1958, bai ga 'yancin kai ba. Nijeriya ta zama jumhuriya a 1963, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kammala raba sarakuna da ikon En'e. Idan an nemi ra'ayinki kan ko gargaɗinsa ya tabbata, waɗannan shekaru biyu su ne hujjarki.

Ki gaishe da Inna da kyau.

Yayanki.