Na sauka daga admin ɗin guruf ɗinmu

Ku yi haƙuri, rubutun yau da ɗan tsawo, amma shi ne na ƙarshe da zan yi muku a matsayin admin.

Ina aji ɗaya na buɗe wannan guruf, mu goma sha biyu, duk masu tsallaka gadar Binuwai daga Jimeta da Yola zuwa lacca a Girei, don mu riƙa haɗa kuɗin keke. Yau mun haura ɗari shida. Na kare furojet, sai jiran bautar ƙasa, saboda haka daga daren yau ragama tana hannun ƙanena na aji uku, wanda kuka zaɓa ranar Asabar.

Wasu sun ce in ci gaba da zama admin ko don albarka. Na gode, amma ba zan zauna ba, kuma ga dalili.

Kun tuna daren nan na azumin bara? An kira ɗaya daga cikin admin ɗinmu aka ce masa za a yi taron guruf ta intanet, ya karanto lambobi shida da aka turo masa ta tes don a yi masa rijista. Bawan Allah ya karanto. Ashe lambobin buɗe WhatsApp ɗinsa ne a wata waya. Kafin a gama tarawi ɓarawon ya cire admin huɗu, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya da sunan ɗan uwanmu, wai mahaifiyarsa na asibiti. Wata ƙanwarmu ta tura naira 15,000, kuɗin hayarta na Sangere. Wallahi har yau abin na cin raina, don ni na raba admin ga mutum bakwai kamar goron biki, ban tambayi kowa ko ya kulle wayarsa ba.

Abu ɗaya ya cece mu: WhatsApp ba ya barin wani admin ya cire wanda ya ƙirƙiri guruf. Ɓarawon ya kasa taɓa ni, ni kuwa na fitar da shi. To amma ku juya zancen. Idan gobe ina sansani aka ɗauke tawa wayar, ko aka yaudare ni, wa zai iya cire ni? Babu. Shi ya sa zan fita gaba ɗaya, sannan sabon admin ya dawo da ni a matsayin mamba kamar kowa.

Ƙanena, saura kai. Da zarar na fita, babu mai wannan garkuwar kuma, kowane admin zai iya sauke ɗan uwansa. Don haka kada ku wuce uku, kuma kada ka ba kowa sai ka gani da idonka ya kunna Two-step verification ya sa lambar sirrinsa. Kada kuma ka zauna kai kaɗai, domin ranar da layinka ya ɓata babu mai buɗe ƙofa ko rufe ta.

Na biyu, ƙofa. Tsohon mahaɗin shiga ya yi yawo a wurare da yawa, na danna Reset link ya mutu. Ka bar Approve new members a kunne. Duk mai neman shiga ka tambaye shi sashensa da ajinsa, da wanda ya san shi a cikinmu. Wanda ya hau faɗa kan wannan tambaya, ka bar shi a waje.

Na uku, kuɗi. Asusun taimako yana da naira 48,500. Na tura wa ma'ajinmu a gaban shaidu biyu bayan La'asar, hoton rasit da na littafin shiga da fita suna cikin guruf. Wanda ya ga kuskure ya yi magana yanzu, ina nan. Kada ka karɓi ko sisi a akawun ɗinka. Ni na yi, kuma na sha zargin da sai da na yi kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Na ƙarshe, idan rikici ya tashi, musamman na siyasa ko addini, ka rufe guruf ya zama admin kaɗai ke magana, ka faɗi ƙarfe nawa za ka buɗe, sannan ka kira masu faɗan a waya. A cikinmu akwai mai zuwa masallaci akwai mai zuwa coci, kuma keke ɗaya muke hawa.

Waɗanda na goge wa saƙo, da waɗanda na cire cikin fushi, wasu na yi daidai, wasu na zalunce su. Don Allah ku yafe mini, ni ma na yafe wa kowa. Ƙanwata mai kuɗin haya, ke ce kan gaba.

Ƙarfe tara zan fita. Ƙanena, kada ka manta ka dawo da ni fa. Allah Ya taya ka riƙo.